Buhun da aka saro kashi huɗu, nawa ya tsaya? Lissafin wani siton masara a Dawanau

Kawuna yana da sito a kasuwar Dawanau, can hanyar Katsina, inda yake tara masara lokacin kaka ya riƙa sayar wa masu haɗa abincin kaji. Jarin ba nasa ba ne shi kaɗai. Wani amininsa Alhaji ne ya zuba kuɗin, shi kuma Kawu yake juyawa, a kan za su raba riba biyu, irin abin nan da malamai ke kira ƙiradi. Sun shekara da shekaru a haka ba a taɓa jin kansu ba, sai a ƙarshen wani watan Maris da suka zauna rabo, lissafi ya fito kala biyu. Ɗan Kawu, wanda ke riƙe littafi, ya ce riba naira 758,750 ce. Alhaji kuwa da ya buga nasa a bayan ambulan ya samu naira 1,945,000. Babu wanda ya ce an ci amanarsa, amma kowa ya yi shiru irin wanda ba a so. Da yake aikin akanta nake yi, aka aiko mini.

Na tarar da Kawu da wani abu daban yana cin ransa. Ko zama ban gama yi ba ya ce, "Ɗana, ni fa cinikin ƙarshen nan faɗuwa na yi. Na saya dubu sittin da ɗaya, na sayar dubu sittin." Na ce, "Kawu, buhu nawa ka saya a dubu sittin da ɗaya?" Ya ce ashirin. "Nawa ka sayar?" Ya ce arba'in. Na ce to sauran ashirin ɗin fa, su ma haka suka tsaya maka? Sai ya yi murmushi, ya ce a ɗauko littafi.

Ga yadda kaya suka shigo. An buɗe lissafin da ragowar buhu 20 na farkon kaka, kowanne ya tsaya naira 40,000 har da kuɗin motarsa. A Nuwamba aka saro buhu 100 a Saminaka, kan naira 41,000. A Janairu aka ƙaro 150 daga Ɗandume, kan 48,000. A Maris wani mai gonar kaji ya ce zai dawo da babbar buƙata, Kawu ya ji tsoron kada kaya su gaza, ya sayi buhu 20 a nan cikin Dawanau kan 60,500. Jimla buhu 290. An sayar da 70 a Disamba kan 48,000, da 120 a Fabrairu kan 54,000, da 40 a Maris kan 60,000. Kuɗin ciniki gaba ɗaya naira 12,240,000, kuma a littafi saura buhu 60.

A kan waɗannan alƙaluman babu gardama. Gardamar tana wuri guda: buhu 230 da suka fita, nawa ne uwar kuɗinsu? Masarar fara ce duka, an jibge ta wuri ɗaya, kuma an sake auna kowane buhu a sikeli ya zama kilo 100. Ba mai iya nuna buhu ya ce wannan na Saminaka ne, wancan na Ɗandume. Idan kaya sun gauraye haka, mafita ita ce a ba kowane buhu kuɗi ɗaya, wato matsakaici. Sai dai matsakaicin ma iri-iri ne.

Abin da ɗan Kawu ya yi shi ne abin da aka koya mana a firamare. Ya jera farashi huɗu, 40,000 da 41,000 da 48,000 da 60,500, ya tara, ya raba gida huɗu, ya samu 47,375. Taubashina ne, don haka ban raga masa ba. Na ce masa idan ka zuba kofi ɗaya na tafasasshen ruwa a bokitin ruwan sanyi, rabin zafi kake samu? Lissafinsa ya ba buhu 20 na Maris ƙarfi daidai da buhu 150 na Ɗandume, alhali ɗaya kofi ne, ɗaya bokiti. Kowane farashi sai an ninka shi da yawan buhun da aka saya a kansa, sannan a tara kuɗin, a raba da jimlar buhuna, ba da yawan zuwa kasuwa ba.

Akwai hanya mai sauƙi ta kama wannan kuskuren, kuma ita na fara nuna musu. Duk matsakaicin da ka samu, ninka shi da jimlar kayan, dole ya dawo maka da kuɗin da ka biya. Naira 47,375 sau 290 ya ba da 13,738,750. Amma da muka tara abin da aka biya a kan masarar kanta, 13,310,000 ne. Ashe littafin ya ɗora wa masarar naira 428,750 da ba wanda ya taɓa fitar da su daga aljihu. Mafi yawan wannan kuɗin na bogi ya hau kan buhunan da aka sayar, ya cinye riba. A kwamfuta ma ya yi lissafin, kuma ita ba ta yi laifi ba, abin da aka tambaye ta ta amsa. Yawan buhu yana layin B, farashi yana layin C. Na sama shi ne abin da ya rubuta, na ƙasa shi ne daidai:

```
=AVERAGE(C2:C5)
=SUMPRODUCT(B2:B5,C2:C5)/SUM(B2:B5)
```

Kafin mu sake lissafi sai da muka gyara farashin kansa, don abin da aka biya mai masara ba shi ne abin da buhu ya tsaya ba. Daga Saminaka an kashe naira 200,000 a kuɗin mota da lodi da sauke kaya da la'adar dillali, wato 2,000 a kan kowane buhu, ya tsaya 43,000. Na Ɗandume an kashe 375,000, wato 2,500 kowanne, ya tsaya 50,500. Na cikin kasuwa kuɗin dako ne kawai, 500 a buhu, shi ne dubu sittin da ɗayan da Kawu ke faɗa. Duka hidimar ta kama 585,000. Idan aka haɗa da kuɗin masara, kaya sun tsaya naira 13,895,000 a ƙofar sito.

Ɗan Kawu bai manta da wannan 585,000 ba. Ya rubuta su a shafin kashe-kashe ya cire su gaba ɗaya daga riba. Kamar daidai ne, amma akwai gyara. Buhu 60 da ke zaune a sito su ma mota ce ta kawo su, kuma kuɗin motarsu yana jikinsu har ranar da za a sayar. Idan ka cire shi tun yanzu, ka rage ribar bana ka kumbura ta gaba. Ga mai kasuwanci shi kaɗai wannan ba wani abu ba ne, daga aljihun dama zuwa na hagu. Ga mutum biyu masu rabo kuwa, musamman idan ɗaya zai iya janye jarinsa kafin zama na gaba, haƙƙi ne. Abin da ke shiga kuɗin buhu shi ne duk abin da aka kashe har ya iso inda yake. Hayar sito da kuɗin mai gadi da maganin ƙwari ba sa shiga, su kam kashe-kashen lokacin ne, a ƙasa ake cire su.

Daga nan muka bi littafin rana bayan rana. Ƙa'idar guda ce: duk lokacin da sabon kaya ya shigo, a haɗa kuɗinsa da kuɗin abin da ya rage a sito, a raba da yawan buhun da ke nan a ranar. Idan an sayar, a fitar da buhunan a kan matsakaicin da ke aiki. Sayarwa ba ta canza matsakaici, saye ne kaɗai ke canza shi.

Buhu 20 na farko kuɗinsu 800,000. Na Saminaka suka shigo da 4,300,000, ya zama buhu 120 a kan 5,100,000, kowanne 42,500. Ka lura matsakaicin ya tsaya kusa da 43,000, nesa da 40,000, domin buhu 100 sun rinjayi 20. Aka sayar da 70, suka fita da 2,975,000, saura buhu 50 masu kuɗi 2,125,000.

A nan ne mutane da yawa ke zamewa. Da na Ɗandume suka iso, ba da buhu 120 za a gauraya su ba, da 50 ɗin da suka rage ne, don 70 sun riga sun tafi da kuɗinsu. Buhu 150 a kan 50,500 ya kama 7,575,000. A haɗa da 2,125,000, ya zama 9,700,000 a kan buhu 200, kowanne 48,500. Matsakaici ya yi tsalle da naira dubu shida a saye ɗaya, saboda tsohon kaya mai araha ya yi kaɗan. Sauran tafiyar ga ta a shafin da muka rubuta:

| Wata | Abin da ya faru | Buhu a sito | Kuɗinsu | Kowane buhu |
|---|---|---|---|---|
| Oktoba | Ragowa 20 | 20 | 800,000 | 40,000 |
| Nuwamba | An sayi 100 | 120 | 5,100,000 | 42,500 |
| Disamba | An sayar da 70 | 50 | 2,125,000 | 42,500 |
| Janairu | An sayi 150 | 200 | 9,700,000 | 48,500 |
| Fabrairu | An sayar da 120 | 80 | 3,880,000 | 48,500 |
| Maris | An sayi 20 | 100 | 5,100,000 | 51,000 |
| Maris | An sayar da 40 | 60 | 3,060,000 | 51,000 |

Wani abu ya ɗan tsayar da mu a tsakiya. A littafin taubashina, cinikin Fabrairu yana sama da sarin Ɗandume, domin bai shigar da sarin ba sai da aka gama biyan direba cikon kuɗinsa. Bisa wannan jerin, an sayar da buhu 120 daga siton da ke da 50. Duk lokacin da ka ga ragowa ta faɗa ƙasa da sifili, to kwanan wata ne ya rikice, ko akwai sarin da ba a rubuta ba. A wannan salon lissafi jerin ranaku shi ne komai, kuma ranar da kaya suka sauka ake rubutawa, ba ranar da aka kammala biya ba.

Yanzu ga amsar Kawu. Buhu 40 na Maris sun tsaya 51,000, an sayar 60,000, ribar 9,000 ke nan a kowanne, jimla 360,000. Cinikin da yake wa kallon faɗuwa shi ya fi kowanne riba a kan buhu. Na Disamba ya kawo 385,000, na Fabrairu 660,000. Duka riba kafin kashe-kashe naira 1,405,000. Na sake gwadawa ta ɗaya hanyar: uwar kuɗin abin da aka sayar 10,835,000, a haɗa da 3,060,000 na ragowa, ya dawo 13,895,000 cif, ko kwabo bai ɓata ba.

Alhaji mutum ne mai kai. Ya karɓi kalkuleta ya ce, "Malam akanta, me ya kawo wannan dogon zagaye? A raba 13,895,000 da 290 mana a huta." Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ma hanya ce karɓaɓɓiya." Ita ce ta wanda ba ya bin kaya kullum, sai ƙarshen lokaci ya yi matsakaici guda. Ta ba da kusan naira 47,914 a buhu. Da ita, ragowar buhu 60 za su tsaya 2,874,828, riba kuma ta sauko 1,219,828, ƙasa da tamu da naira 185,172. Ya ce to wace ce gaskiya a ciki?

Dukansu sun wuce gwajin nan na dawo da kuɗin da aka biya, don haka babu ta ƙarya. Bambancin yana ga wanda aka ɗora wa tsadar baya. Matsakaicin ƙarshen lokaci yana ɗaukar tsadar Janairu da Maris ya shafa wa buhunan da aka sayar tun Disamba. Buhun da ya tsaya 42,500 a ranar da aka sayar da shi 48,000, sai a ce ribarsa naira 86 ce maimakon 5,500, saboda masarar da ko saro ta ba a yi ba a lokacin. Shi ya sa idan farashi na hawa, wannan hanyar kan nuna riba ƙasa, idan yana sauka kuma ta nuna sama. Naira 185,172 ɗin ba ta ɓace ba. A hanyarmu tana cikin ribar yau kuma tana cikin kuɗin ragowa, a tasa kuma za ta fito ranar da aka sayar da ragowar, tunda an rubuta su da araha. Idan aka sayar da buhu na ƙarshe, hanyoyin biyu jimla ɗaya za su bayar.

Ni na zaɓar musu ta bin ranaku, domin suna da kwanan watan komai, kuma Kawu yana son sanin abin da buhu ya tsaya a lokacin da mai saye ke gabansa, ba bayan wata biyar ba. Ƙa'idar lissafin kaya ta duniya, wadda Najeriya ta fara aiki da ita a 2012, ta yarda da matsakaici ta kowace fuskar biyun, ta kuma yarda a ɗauka cewa kayan da suka fara shiga su ke fara fita. Ba ta yarda a ɗauka na ƙarshen shiga ne ke fara fita ba, wanda kusan shi ne tunanin Kawu. Abin da na fi jaddada musu shi ne kada a riƙa sauya hanya daga zama zuwa zama, don mai sauyawa yana iya zaɓar wadda ta fi masa daɗi kowace shekara.

Saura lissafin Alhaji na 1,945,000. Shi bai yi kuskuren tarawa ba. Ya kimanta buhu 60 na sito a kan farashin kasuwa, 60,000, suka zama 3,600,000 maimakon 3,060,000. Tazarar 540,000 riba ce ta kayan da ba a sayar ba. Na ce masa, "Baba, wannan kifin yana ruwa tukuna." Idan aka raba ta yau, daga cikin jari za a ciro kuɗin, kuma idan masara ta karye kafin a sayar, sai an dawo ana neman juna. Ana rubuta ragowa a kan abin da ta tsaya. Sai fa idan kasuwa ta faɗo ƙasa da haka, a nan ne ake sauke ta zuwa abin da za ta iya kawowa bayan an cire hidimar sayarwa, a rubuta asarar nan take ba tare da jiran ciniki ba. Riba ana jira ta tabbata, asara ba a jira. Alhaji ya ce wannan ai rowa ce, amma ya yarda.

Da muka gama da takarda na ce a shiga sito a ƙirga. Muka sa 'yan dako suka sauke jibgin, aka ɗora a sikeli. Wasu buhunan sun rage kilo ɗaya ko biyu saboda masarar kaka tana ci gaba da bushewa, biyu kuma ɓera ya huda su ta ƙasa. Bayan an cike kowanne ya koma kilo 100, buhu 58 muka samu. Taubashina ya ce a raba 3,060,000 da 58 kawai, kowanne ya koma kusan 52,759. Na hana. Yin haka ɓoye asarar ne a cikin kuɗin ragowa, a tura ta zama na gaba ba tare da kowa ya gan ta ba. Muka fitar da buhu biyu a kan 51,000, wato asarar 102,000, muka rubuta ta da sunanta. Ragowa ta zama buhu 58 a kan 2,958,000, riba ta koma 1,303,000. Aka cire hayar sito da gadi da magani, naira 190,000, saura 1,113,000. Kowa ya tashi da 556,500.

Wannan awon ya tuna mini dalilin da ya sa lissafin ya yiwu tun farko. Da Kawu bai saba daidaita buhunansa a kilo 100 ba, da sai mun yi komai da kilo, domin buhun ƙauye da aka cika da kwano har aka ɗinka masa baki ba nauyinsa ɗaya da na sikeli ba, kuma matsakaicin buhuna masu nauyi daban-daban ba ya nufin komai. Haka nan da akwai jar masara a siton, da shafinta daban.

Amma ban bar Kawu ya tafi a matsayin wanda ya yi kuskure kaɗai ba, don damuwarsa tana da tushe. Matsakaici yana gaya maka abin da kaya suka tsaya a baya, ba ya gaya maka abin da za ka biya ka mayar da su. Buhu 40 da ya sayar sun kawo 2,400,000. Idan ya juya ya saya a 61,000, buhu 39 zai samu da 'yan canji. A littafi ya ci ribar 360,000, a sito kuwa buhunsa ya ragu da ɗaya. Wanda ya dubi 51,000 ya ce zai sayar 55,000 tunda akwai riba, alhali kasuwa na 60,000, ya yi wa mai saye kyauta ne. Wajen sa farashi kasuwa ake dubawa, wajen rabon riba kuma littafi.

Alhaji ya daɗe yana juya wannan maganar. Daga ƙarshe ya ce kowa ya ɗauki 300,000, a bar sauran 513,000 a cikin jari saboda sari na gaba, Kawu ya ce hakan ya yi. Taubashina ya buɗe sabon shafi, ya ja layi biyar irin na sama, ya rubuta a layin farko: ragowa buhu 58, naira 2,958,000, kowanne 51,000. Sannan ya tashi neman mai siminti ya zo ya toshe ramin da ke bayan jibgin.